Babi na Bakwai: Gem ɗin da Ba Ya Tambayar Data

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, a zamanin gwamnatin Aminu Bello Masari, kwanaki kaɗan bayan an yi haka a Zamfara. Sabuwa na ciki, haka Faskari da Ƙanƙara da Dandume da Funtuwa. Dalilin da aka bayar shi ne a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu labari. Aka kwashe watanni ba kira, ba saƙo, ba intanet. A tsakanin nan kuma aka hana sana'ar cajin waya a yankunan da matsalar ta shafa. Mutane sun sha wahalar da ta fi ta gem nesa ba kusa ba, don akwai waɗanda sai sun yi tafiya mai nisa a hanya mai hatsari kafin su sanar da 'yan uwa rasuwa ko haihuwa. Sai dai wannan lokaci ya raba wasannin waya gida biyu a fili, yadda ko yaro ɗan firamare zai gane. Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty: Mobile suka koma hotuna kawai a fuskar waya, in ka taɓa su sai su tsaya suna juyi. Ludo King da Temple Run da ƙwallon PES da ake bugawa ta PPSSPP kuwa ko a jikinsu. Duk wanda ya samu hanyar cika batirinsa ya ci gaba da wasansa.

Sabis ya dawo, amma zaɓin matasa bai sauya sosai ba, domin abin da ya faru a 2021 babban nau'i ne na abin da suke gani kullum. Data kan ƙare, sabis kan ɗauke, batir kan mutu. Tambayar wannan babi ita ce: a ina ne takamaimai gem na onlayin yake cin kuɗin mai waya, har saurayi a Sabuwa ko Damari ko Maibakko yake ganin gara ya haƙura da shi?

Yawancin mutane za su ce ai wasan ne ke shan data. Akwai gaskiya a ciki, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Idan kana buga gem na onlayin, ba hoton wasan ake aiko maka daga waje ba. Filin daga, da gidaje, da bindigogi, da surar 'yan wasa, duk suna cikin wayarka tun ranar da ka sauke gem ɗin. Abin da ke kai da kawowa tsakaninka da babbar kwamfutar kamfanin, wadda ake kira saba, 'yan gajerun bayanai ne: wane yana nan, ya juya dama, ya yi harbi, an same shi. Shi ya sa awa guda ta irin waɗannan wasanni ba ta cika kaiwa mega 100 ba, sau da yawa ma ba ta kai rabin haka. Wanda ya yi awa guda yana kallon TikTok ya ninka mai gem sau da dama wajen ƙona data. To me ya sa ake iya kallon TikTok amma ake gudun gem?

Sai mun ɗauko biro mun yi lissafi. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. A Fabrairu MTN ta fito da sabon farashi: tsarin wata na giga 1.5 da ake saya Naira 1,000 ya koma giga 1.8 a Naira 1,500. A lokacin ne kuma tsarin mako na giga 15 ya tashi daga Naira 2,000 zuwa 6,000, aka yi ta surutu har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Mu riƙe wancan farashi na giga 1.8. Idan aka raba, giga ɗaya ta kama kusan Naira 830.

Mu ɗauka wani saurayi, mai taya mahaifinsa noman masara kuma yana ɗan taɓa acaɓa da rani, ya yanke shawarar shiga ɗaya daga cikin manyan wasannin harbi. Lambobin da zan yi amfani da su na misali ne, don kowane gem da nauyinsa, kuma nauyin yana ƙaruwa kowace shekara. Saukewar farko, mu ce giga 2. Naira 1,660 ke nan, wato datarsa ta wata ta ƙare bai ma ga fuskar wasan ba. Sai wasan kansa: mu ce mega 40 a awa, awa guda kullum. A wata mega 1,200, kusan Naira 1,000. Sai sabuntawa, wadda 'yan gem ke kira afdet: mu ce mega 800 duk bayan wata biyu, kusan Naira 660 kowane karo. A shekara, saukewa 1,660, wasa 12,000, afdet shida 3,960. Jimilla ta haura Naira 17,600. Wannan rubu'in mafi ƙarancin albashin wata ne na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, kuma saurayin namu ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Kuɗinsa na shigowa ne da kaka, ko ranar kasuwa.

Mai lura zai ce ai a wannan lissafi kuɗin wasan ya fi na afdet yawa. Haka ne a takarda. Amma bambancin yana wajen wanda ke riƙe da linzami. Kuɗin wasa a hannunka yake: yau kana da data ka yi minti ashirin, gobe babu ka bari. Afdet kuwa ba ya shawara da kai. Wata rana za ka buɗe gem ɗin sai ka tarar da allo yana cewa sai ka sabunta, kuma babu ƙofar wucewa. Ba mugunta ce tsantsa ba, akwai dalili na fasaha: duk waɗanda ke fili ɗaya dole su kasance da taswira ɗaya da ƙa'idoji ɗaya, don haka saba ba ta karɓar tsohon zubi. Sai dai ga wanda ke sayen data ta kwana ɗaya, mega 100 ko 200, wannan allo katanga ce. Mega 800 ba ta shiga cikin mega 200, ko da ka yarda ka sadaukar da ita duka. Kuma sanannen abu ne cewa ƙananan tsare-tsaren nan sun fi tsada idan aka auna kowace mega, ga shi suna mutuwa bayan awa 24 ko an yi amfani da su ko ba a yi ba. Mai ƙaramin ƙarfi shi ke sayen data mafi tsada. TikTok yana karɓar ko nawa ka zo da shi, ya ba ka kallo daidai kuɗinka. Gem na onlayin yana iya cewa ko ka kawo giga guda yau, ko ka koma gida.

Akwai masu dabarar datar dare, wadda kamfanoni ke sayarwa da arha daga tsakar dare zuwa asuba. Tana taimakawa, amma tana da iyaka a kowane dare, kuma idan sabis ya yanke ana tsakiyar saukewa, ba kowane gem ne ke ci gaba daga inda ya tsaya ba. Wani sai ya faro daga farko. Wanda abin ya taɓa samu sau ɗaya ba ya mantawa.

Abu na biyu ba a lissafa shi da Naira, amma asarar kuɗi ce. Shi ne jinkirin da 'yan gem ke kira ping, lambar nan da ke kusurwar allo da `ms` a gabanta. Tana nuna tsawon lokacin da saƙonka ke ɗauka ya je saba ya dawo, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ƙasa da 100, ana wasa lafiya. Idan ta haura 200, kai kana ganin ka riga ka shige bayan bango, amma a wajen saba har yanzu kana tsaye a fili, sai kawai ka ga ka faɗi. Saƙon ɗan Sabuwa sai ya hau ƙarfen sabis na kusa, ya bi layi zuwa manyan cibiyoyin kamfanin, sau da yawa har Legas inda wayoyin ƙarƙashin teku ke sauka, in sabar a Turai ko Gabas ta Tsakiya take kuma ya tsallaka teku. Nisan kansa yana da nasa jinkiri, amma mafi yawan ɓarnar a zangon farko take, tsakanin waya da ƙarfe. Dubi saman allonka. In ka ga `4G`, da sauƙi. `H+` ana lallaɓawa. In ta koma `E`, ka ajiye maganar wasan harbi. A garin da ƙarafan sabis ba su da yawa, da magariba ta yi kowa ya dawo gida ya kunna data, sai hanya ta cushe, alhali lokacin ne matasa ke da sararin wasa. Bidiyo yana iya tara 'yan daƙiƙoƙi a gaba ya ɓoye maka tangarɗar. Gem ba ya iya tara abin da bai faru ba tukuna. Datar ta tafi, wasan bai yi daɗi ba, wani gem ɗin ma har ya rage maka matsayi don yana ganin gudu ka yi ka bar abokan ƙungiya.

Batir ma yana cikin lissafin. Waya tana ƙara ƙarfin neman ƙarfe idan sabis ya yi rauni, ga nauyin zane-zanen gem, sai ta ɗau zafi ta zuƙe caji. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kowane cikon batir kuɗi ne a shagon mai caji, shi kuma mai cajin tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janaretonsa ya ƙara tsada, sai wanda ya samu halin sa sola. Sannan wayoyin da suka fi yawa a hannun matasa, ƙananan itel da Tecno da Infinix masu ma'ajiyar giga 32, ba su da wurin da za su ba gem ɗaya kaso mai tsoka alhali ga fina-finai da wa'azi da waƙoƙi.

Yanzu mu juya ɗaya gefen, wanda ya fi ba ni sha'awa, domin ba haƙuri kawai mutane suka yi ba, tsari suka gina.

Gem na oflayin fayil ne, fayil kuma ana kwafarsa. Mutum ɗaya ne zai biya kuɗin saukewa, wataƙila ɗalibi a Zariya da ya samu Wi-Fi, ko mai shago a Funtuwa da ke sayen data mai yawa. Daga nan sai ya bi hanyar da fina-finan Kannywood da fassarar Indiya suka daɗe suna bi: shagon masu turi, katin memori, da Xender. Xender ba ya taɓa data ko kaɗan. Waya ɗaya ce ke buɗe ƙaramin Wi-Fi nata, ɗayar ta shiga, giga guda ta wuce cikin 'yan mintuna. Kuɗin da aka kashe sau ɗaya a Funtuwa sai ya wadatar da unguwa guda a Sabuwa. Manomi zai fi kowa gane wannan: gem na oflayin hatsi ne a rumbu, na onlayin kuwa awo ne a kasuwa, kullum sai ka je da kuɗi, kuma ba kai ke yanka farashi ba.

Misalin da ya fi dacewa a bi daki-daki shi ne ƙwallon PES ta PPSSPP, don samarin Arewa ƙwallo ce a ransu. PPSSPP manhaja ce kyauta da wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar a 2012. Aikinta ta sa waya ta kwaikwayi PSP, ƙaramar na'urar wasa ta Sony da ta fito a 2004. Wasannin PSP an yi su ne don na'urar da ba ta kai ko ƙaramar wayar yau ƙarfi ba, faifansu kuma bai wuce giga 1.8, shi ya sa suke tafiya a wayar da manyan wasannin zamani ke sa ta shaƙe. PES na ƙarshe da Konami ta yi wa PSP shi ne PES 2014. To ina aka samo waɗanda ake gani da shekarar bana a jikinsu, da sababbin 'yan wasa da sababbin riguna? Masu sha'awa ne a ƙasashe daban-daban ke ɗaukar tsohon wasan su sauya sunaye da fuskoki da riguna. Injin na da ne, fenti ne sabo. Wato ko afdet ɗin ma an mayar da shi fayil da ake turawa hannu da hannu, kuma wanda bai so ba sai ya ci gaba da tsohonsa, ba mai rufe masa ƙofa.

Abin da mai turi ke ba ka yawanci kashi huɗu ne: manhajar PPSSPP, fayil ɗin wasan mai ƙarewa da `.iso`, sai jakunkuna biyu. Idan a dunƙule suka zo, da ZArchiver ake warware su, a ajiye kowace a mazauninta:

```
PSP/SAVEDATA
PSP/TEXTURES
```

Ta farko ce ke ɗauke da sababbin sunayen 'yan wasa da ƙungiyoyinsu, ta biyu kuma riguna da fuskoki da ciyawar fili. Daga nan ake gane inda aka yi kuskure. In wasan ya buɗe amma ka ga 'yan wasan shekaru goma baya, `SAVEDATA` ce ba ta zauna daidai ba. In sunaye sababbi ne amma rigunan tsofaffi, matsalar `TEXTURES` ce. In kuma wasan na tafiya yana sarƙewa, murya na kakkatsewa, sai a shiga saiti a rage `Rendering resolution` zuwa mafi ƙanƙanta.

Wani zai ce ai daɗin onlayin shi ne karawa da mutum ɗan uwanka, ba da na'ura ba. Gaskiya ne, kuma nan ma an samo hanya. PSP tana da tsarin haɗa na'urori biyu da ke kusa da juna, PPSSPP kuma ta gaji wannan. Ɗaya zai kunna `Hotspot` ba tare da data ba, ɗayan ya shiga. A saitin `Networking` su biyun su kunna `Enable networking/WLAN`, mai masaukin ya kunna sabar cikin gida ta manhajar, sannan su biyun su rubuta lambar IP ta wayar mai masaukin. Shi ke nan, Barcelona da Madrid a kan benci ɗaya, ping ɗin kusan babu, don tsakanin wayoyin bai fi kamu biyu ba. Tsohon Mini Militia ma haka ya yi suna, samari da yawa a Wi-Fi ɗaya suna ta harbin juna. Ludo King, wanda kamfanin Gametion na Indiya ya fitar a 2016, ya fi su sauƙi duka: waya ɗaya, mutum huɗu, ana miƙa wa juna. A ganina wannan ne masu nazarin kasuwar gem daga nesa ba su cika fahimta ba. Suna ɗauka oflayin na nufin kaɗaici. A garin da aka saba zaman majalisa da dara a gindin bishiya, abokin karawa ba ya wahalar samu. Yana zaune kusa da kai, kuma in ka ci shi kana ganin fuskarsa, wanda ya fi cin wani baƙo a Turkiyya daɗi.

Sai dai kada a ɗauka duk gem da aka ce na oflayin ne ba ya cin data. Yawancin na kyauta da talla suke rayuwa. Muddin datarka a kunne take, duk faɗuwa ɗaya a Subway Surfers ko makamancinsa tana iya jawo bidiyon talla, kuma kai ke biyan kuɗin saukar da shi. Mu ce kowanne mega 3, ka ga ashirin a zama ɗaya: mega 60, fiye da abin da muka lissafa wa awa guda ta wasan harbi. Shi ya sa yaran da suka gane kan abin suke kashe data kafin su buɗe gem. Abin da suke rasawa shi ne ladan kallon talla, irin ƙarin rai ko tsabar wasa. Ɓarawo na biyu shi ne Play Store da ke sabunta manhajoji a ɓoye. Maganinsa a saitinsa yake, ƙarƙashin `Network preferences`, a zaɓi `Don't auto-update apps`. Wanda ke zargin wani gem kuma ba ya bukatar gardama, ya shiga `Data usage` a saitin wayar, zai ga abin da kowace manhaja ta ci.

Hanyar turi ma tana da ramukanta, kuma tana ƙara ƙunci. Tun Agustan 2021 Google ta wajabta wa sababbin manhajoji wani tsari da ke rarraba manhaja gunduwa-gunduwa, kowace waya a aiko mata da wanda ya dace da ita. Sakamakon haka, gem da aka kwafo daga wayar aboki yana iya ƙin zama a taka, ya rubuto `App not installed`. Daga Android 11 kuma an tsaurara shiga jakar `Android/obb` da `Android/data`, inda manyan wasanni irin GTA: San Andreas ke ajiye kayansu, abin da a da yaro ke yi cikin minti biyu. Sannan ci gaban da ka samu a wasa cikin wayar yake kwance: in ta faɗa ruwa ko aka sace ta, kakar wasa biyar da ka gina ƙungiya ta tafi.

Babban hatsarin shi ne gem da aka yi wa kutse, wanda ake tallatawa da cewa kuɗin ciki ba ya ƙarewa. Wanda ya iya buɗe manhaja ya ƙara mata kuɗi ya iya ƙara mata wani abin. Yau kuma wayar da ake gem da ita ce ke ɗauke da OPay ko Moniepoint, ita ce ke karɓar lambar sirri daga banki. Alamar a bayyane take: gem na tsere ko na ƙwallo ba shi da hujjar neman izinin karanta saƙonninka, ko ganin lambobin mutanenka, ko shiga `Accessibility`. In ya nema, a goge shi. Akwai kuma batun haƙƙin mallaka, wanda bai kamata a rufe ido a kansa ba: PPSSPP halastacciya ce, amma fayilolin wasannin da ke yawo ba da izinin masu su ake raba su ba. Masu shagon turi sun san wannan muhawara, don sun daɗe suna yin ta da 'yan fim na Kano.

Manyan kamfanoni dai sun juya baya ga wannan kasuwa. Ƙwallon Konami ta waya a yau, eFootball, ba ta buɗewa sai da intanet, saboda a onlayin ne ake sayar da 'yan wasa da riguna kuma a hana kwafa. Wannan lissafinsu ne, kuma ya yi musu daidai a inda Wi-Fi ke kowane gida. Matashin da ke koyon haɗa gem a Kano ko Katsina ko Zariya, shi nasa lissafin daban ne. In yana son a buga abin da ya ƙirƙira a Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, to ya yi shi ƙarami, ya buɗe ba tare da data ba, ya yarda a tura shi ta Xender ya zauna, mutum biyu su iya karawa ta `Hotspot`, kuma kada ya taɓa kulle tsohon zubi don ya fitar da sabo.